Babi na Shida: Tallan Shinkafa da Wake a Vittin

Me ya sa mutum ɗari za su ga tallan abinci a waya, amma ko biyar ba za su yi oda ba? Masu sayar da abinci da yawa suna wannan tambaya, kuma yawancinsu sai su ɗora laifin a kan rashin kuɗi a gari, ko a kan hoton da bai fito da kyau ba. Wani lokaci hakan ne. Amma in ka karɓi wayar ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, sau da yawa za ka tarar ba a gaya wa mai saye komai ba. Ba a faɗa masa yadda abincin yake a baki ba, ba a faɗa masa nawa zai biya ba, ba a kuma nuna masa hanyar da abincin zai bi ya iso hannunsa ba.

A wannan babi za mu ɗauki talla guda ɗaya mu gyara shi daga farko har ƙarshe. Mai tallan wata Hajiya ce da za mu ƙaddara tana dafa shinkafa da wake a Vittin, unguwar da ke Tamale a arewacin Ghana, ta ɓangaren da ake fita zuwa Yendi da Salaga. Farashin da za a gani a ciki na misali ne, domin kuɗin kayan miya ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Tallan farko

Ga abin da 'yar Hajiya take sakawa kowace safiya a `Status` na WhatsApp, tare da hoton tukunya:

"Abinci mai daɗi ya sauka. Shinkafa da wake da sauransu. Farashi mai sauƙi. Muna Vittin. Ku tuntuɓe mu."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Matsalarsa ita ce kowace mai abinci daga Tamale har Kumasi za ta iya kwafe shi ta canza sunan unguwa kawai. "Mai daɗi" hukunci ne da mai dafawa ta yanke wa kanta, kuma ba a taɓa jin wadda ta ce nata ba daɗi. "Da sauransu" ya ɓoye abin da mai saye ya fi son sani, domin a Ghana ba a cin wannan abinci tsurarsa: akwai shito, da miyar tumatir, da garin rogo, da taliya, da dafaffen ƙwai, da ganda, da kifi ko nama, wani wurin har da soyayyen wagashi. "Farashi mai sauƙi" kuwa, sauƙi ga wa? Ga ma'aikaciyar jinya mai albashi, ko ga ɗalibin sakandaren Vittin?

Ka tuna yadda ciniki yake tafiya a bakin tebur. Mutum yana wucewa a kan babur, ƙamshin shito ya bugi hancinsa, ya ja birki. Ya ga tururi yana tashi da aka ɗaga marfi, ya ga launin shinkafar, ya nuna ganda da yatsa. Ya tambayi kuɗi, Hajiya ta amsa nan take, ya biya ya karɓa. Hanci da ido sun jawo shi, bakin Hajiya ya kammala sauran. A waya babu ƙamshi, kuma Hajiya tana can tana zuba wa wasu, ba ta da hannun amsa saƙo. Saboda haka rubutun ne zai yi aikin biyu: ya tayar da kwaɗayi, sannan ya amsa tambayoyi tun kafin a yi su.

Kalmomin suna cikin tukunya

Wanda zai rubuta tallan bai kamata ya zauna yana ƙirƙiro yabo ba. Ya je madafa ya tsaya, ya tambayi mai dafawa abin da take dubawa kafin ta ce abinci ya yi. A nan ne kalmomin gaskiya suke.

'Yar ta ce, "Mma, ta yaya kike sanin ya nuna?"

Hajiya ba za ta ce "in ya yi daɗi" ba. Za ta ɗauki ƙwayar wake ta latsa tsakanin yatsu biyu, ta ce sai ya murje luguf ba tare da ya fashe a tukunya ba. Za ta ɗaga shinkafar da ludayi ta zubo, ta ce sai ta yi warwar, in ta dunƙule ruwa ya yi yawa. Za ta nuna launin, wannan ja mai duhu da karan dafi yake bayarwa idan aka tafasa shi tare da wake da ɗan kanwa. Kanwar ce take sa waken saurin laushi, take kuma fito da launin, amma in hannu ya zarce sai abincin ya caɓe ya kama bauri. Wadda ta san wannan ta riga ta ba ka jimla guda da ba kowa zai iya rubutawa ba: wake luguf, shinkafa warwar, ja da karan dafi, babu baurin kanwa.

Haka shito. Ana soya albasa da citta da barkono da garin busasshen kifi da na jatan lande a cikin mai, a kan wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa har ruwan ya ƙone ya koma baƙi-baƙi. Wanda aka yi wa gaggawa yakan fito da ɗaci ko ƙaurin ƙuna. Wanda aka ba lokacinsa yana da gardi, yajinsa ba ya fara dukan harshe, sai an haɗiye ake jin sa yana tasowa. To, in na Hajiya irin wannan ne, a faɗa haka. In kuma nata mai zafin gaske ne da ke sa hanci zuba, shi ma a faɗa, domin akwai masu nemansa, akwai kuma masu gudunsa, kuma gara kowa ya sani kafin ya biya.

Hausa ta wadata da irin waɗannan kalmomi, har ma ta fi ƙarfin buƙatar mai talla: tuɓus, ƙamas, jawur, zau, rumui, danƙo, yauƙi, gardi, maiƙo. Haɗarin shi ne a kwaso su duka a zuba. In kowane abu a cikin tallan ya sami kalmomin yabo uku, mai karatu zai ji kamar maroƙi ne ke magana, ya daina gaskatawa. Kalma ɗaya ta isa ga kowane abu, kuma ba kowane abu ke buƙata ba. Dafaffen ƙwai dafaffen ƙwai ne, a bar shi haka. Inda ya dace a kashe kalma shi ne inda masu abinci suke bambanta da juna: laushin wake, warwarar shinkafa, zafin shito, da laushin ganda, wadda kowa ya taɓa sayen mai taurin da ta gajiyar masa da muƙamuƙi.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba kalma mai amfani da ta banza. Shin mai saye zai iya buɗe ledarsa ya tabbatar ko ya ƙaryata? "Ganda tuɓus" zai iya, da haƙorinsa. "Da zafinta" zai iya, da tafin hannunsa. "Mafi daɗi a duk Tamale" ba zai iya ba, saboda haka ba ta ɗauke da komai. Wannan gwajin kuma yana ɗaure mai talla, domin duk kalmar da za a iya tabbatarwa alkawari ce. Ranar da gandar ba ta yi laushi ba, a cire kalmar daga tallan ranar.

Nawa, kuma me ke ciki

Masu abinci da yawa suna gudun rubuta farashi. Wasu na tsoron maƙwabciya ta gani ta rage nata, wasu na ganin in mutum ya tambaya an riga an kama shi. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Maƙwabciya ta san farashinki tun jiya, yaro ɗaya ta aika. Mai jin yunwa kuwa da ya rubuta "nawa?" ya jira minti goma ba amsa, ya riga ya aika an sayo masa a wani wuri. Akwai kuma wanda kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba, don kada a faɗa masa abin da ya fi aljihunsa ya rasa yadda zai janye.

A bakin tebur mutum yana haɗa abincinsa da kansa: a sa na kaza, a ƙara ƙwai, a rage taliya. A waya wannan 'yancin ya zama wahala, domin kowace oda sai an yi saƙo biyar. Mafita ita ce a yanke kashi uku, a ba kowane suna da kuɗi, a faɗi abin da ke cikinsa. Ƙarami sidi 20: shinkafa da wake, miya, shito, gari. Matsakaici sidi 30: an ƙara taliya da ƙwai. Babba sidi 45: an ƙara ganda da naman shanu ko kifi. Wanda yake son ƙari, a rubuta kuɗin ƙarin a layi ɗaya a ƙasa. A lura an ce naman shanu, ba "nama" kawai ba. Mai saye yana da haƙƙin sanin abin da zai ci, kuma wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande yana bukatar a gaya masa akwai shi a cikin shito.

A rubuta kuɗin da lamba, da alamar `GH₵` ko kalmar sidi a jikinsa. Wannan yana da dalili na musamman a Ghana. Tun 2007 aka sauya kuɗin ƙasar, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yau akwai dattawan da bakinsu bai bar tsohon lissafi ba. Lamba a rubuce tana kashe wannan ruɗani.

Ina, yaushe, ta hannun wa

"Muna Vittin" bai kai mutum ko'ina ba. Unguwar tana da faɗi, kuma a Tamale, kamar yawancin garuruwanmu, da alama ake kwatance, ba da sunan titi ba: bayan masallaci, kusa da famfo, daura da mai faci. A zaɓi alama ɗaya da direban keke mai ƙafa uku, wato yalo-yalo, ya sani, a faɗi ta wane hannu, a ƙara abin da ido zai gane, kamar launin laima ko na ƙofa. Tun 2017 Ghana tana da adireshin GhanaPost GPS, kuma sa shi a ƙarshen talla ba laifi ba ne, amma ɗan babur ya fi saurin gane alama ko wurin da aka tura masa a taswirar waya.

Lokaci ma haka. Shinkafa da wake abincin safe ne zuwa hantsi, kuma tukunyar da ta yi suna takan ƙare kafin azahar. A faɗi ƙarfe nawa ake saukewa, a faɗi ranakun da ba a dafawa. Mafi muhimmanci ga mai kai wa mutane gida ko ofis shi ne lokacin rufe karɓar oda. Idan Hajiya tana da ɗan babur ɗaya, kuma odoji suna shigowa ɗai-ɗai daga bakwai har sha biyu, zai yi ta zarya da leda ɗaya-ɗaya, man fetur ya cinye ribar. In aka ce ana rufe oda ƙarfe 9, ana kaiwa tsakanin 10 da 11, sai ya ɗauki duka a tafiya guda, ya sauke na kusa, ya wuce Kukuo da asibitin koyarwa, ya ƙarasa cikin gari. Hajiya ma ta san adadin da za ta ware kafin masu zuwa da ƙafa su cinye.

Kuɗin kaiwa shi ne inda aka fi samun faɗa. Mai saye ya ɗauka yana cikin farashi, ɗan babur ya iso ya ce sai an ba shi nasa, abinci yana hucewa ana musu a bakin ƙofa. A raba shi gida uku bisa nisa, a rubuta. Kuma kada kunya ta sa a ce kaiwa kyauta ne: wadda ta sayar da na sidi 20 ta biya ɗan babur 10 daga aljihunta, ta dafa wa wani ne, ba kanta ba.

Saura biya. A Ghana kusan kowa yana amfani da kuɗin waya, wanda MTN ta fara a 2009, ake ce masa MoMo. Lamba kaɗai ba ta isa ba. A rubuta sunan da zai fito a fuskar waya idan mai saye ya danna `*170#` ya shigar da lambar, domin sau da yawa layin da sunan ɗa ko miji aka yi masa rajista, mai saye ya ga baƙon suna ya fasa. Ita kuma mai karɓa kada ta yarda da hoton shaidar biya ko saƙon da aka turo mata. 'Yan damfara suna ƙirƙirar irinsa. Ta duba abin da ke cikin asusunta da kanta kafin ɗan babur ya tashi.

Tallan bayan gyara

Ga shi yanzu, kowane abu a layinsa:

"Shinkafa da wake ta sauka, da zafinta. Wake luguf, shinkafa warwar, ja da karan dafi. Shito na gida mai gardi, yajinsa matsakaici, akwai kifi da jatan lande a ciki. Ganda tuɓus.

Ƙarami, sidi 20: miya, shito, gari.
Matsakaici, sidi 30: da taliya da ƙwai.
Babba, sidi 45: da taliya, ƙwai, ganda, da naman shanu ko kifi.
Ƙarin ƙwai 4, ƙarin ganda 5.

Litinin zuwa Asabar, daga 7 na safe har ta ƙare. Vittin, bayan masallaci ta hannun dama, laima shuɗiya.

Masu son a kai musu: a yi oda kafin 9, ana kaiwa 10 zuwa 11. Cikin Vittin sidi 5, Kukuo da asibiti 10, cikin gari 15.

A turo saƙo ɗaya: suna, wanne da guda nawa, nama ko kifi, inda za a kai. A biya ta MoMo kafin a tashi."

Daga nan sai lambar waya da sunan da ke kanta.

An sa abincin a gaba, domin layin farko ne kawai mutum zai gani kafin ya yanke ko zai ci gaba da karantawa. Gaisuwa mai tsawo da godiya ga masu ciniki su jira wani wuri. Layin ƙarshe kuwa yana koya wa mai saye yadda zai yi oda. Ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa za ta rubuta: matsakaici biyu, babba ɗaya da kifi, a kawo ƙofar asibiti. Lissafin ba ya bukatar tambaya. Biyu a 30 sun zama 60, da 45 ya zama 105, da 10 na kaiwa, 115. Ta tura kuɗin, 'yar Hajiya ta duba asusu, ta amsa da kalma biyu. Da tsohon tallan, wannan cinikin sai an yi saƙo bakwai ko takwas, a daidai lokacin da layi ya fi tsawo a bakin tebur.

A Tamale Dagbanci ne harshen gari, Hausa tana da ƙarfi a zango da kasuwa, masu ofis kuma da Turanci suke rubutu, kuma a rubuce sunan abincin da suka saba gani shi ne `waakye`. Tsarin tallan ba ya canzawa da harshe. Abin da ya kamata a ƙara shi ne saƙon murya gajere ga waɗanda karatu yake yi wa nauyi, da muryar Hajiya kanta, tana faɗin farashi da lokaci a hankali.

Yadda za a gane inda ya gaza

Saƙonnin da ke shigowa su ne ma'auni. A sami littafi, a riƙa jan layi ɗaya ga kowace tambaya har mako guda. In "nawa?" tana yawan zuwa alhali an rubuta farashi, to ya nutse a tsakiyar rubutu, a fito da shi sama. In ɗan babur ko mai saye yana ta kira yana cewa bai ga wurin ba, alamar da aka zaɓa ba sananniya ba ce. In odoji suna zuwa ƙarfe 10 da rabi, ba a ga lokacin rufewa ba, ko kuma an taɓa karɓar ta makara sau ɗaya, labari ya bazu.

Alamar da ta fi muni ba ta zuwa da saƙo. Mutum ya saya sau ɗaya, bai yi ƙorafi ba, bai kuma dawo ba. Galibi wannan yana nufin rubutun ya yi wa tukunyar alkawarin da ba ta cika ba. An ce da zafinta, amma ta yi awa guda a bayan babur cikin iskar hunturu. An ce warwar, amma an rufe ta a roba tana tururi, gumin ya koma ciki ya jiƙa ta, garin ma ya zama kunu. Maganin wannan ba ya cikin rubutu: a ƙulla miya da shito daban, gari daban, a sa ledojin a cikin kula, ko a rage nisan da ake kaiwa. In ba za a iya ba, a sauke kalmar.

Akwai iyaka ɗaya da ba ta ɗanɗano ba ce. In Hajiya tana haɗawa da zoɓo, wanda a Ghana ake ce wa sobolo, ta ce mai sanyi ƙalau, da citta da kanumfari, ya isa. Kada ta rubuta cewa yana maganin hawan jini ko ciwon suga. Dokar lafiyar jama'a ta Ghana ta 2012 ta hana tallata abinci a matsayin maganin irin waɗannan cututtuka, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ce ke sa ido a kai.

Duk wannan rubutu a ƙarƙashin hoto yake zama, kuma hoton da aka ɗauka cikin duhun rumfa, da mai a jikin gilashin waya, yana iya mayar da jan karan dafi ya koma toka-toka, ya ƙaryata layin farko tun kafin a karanta shi. Babi na gaba zai nuna yadda ake ɗaukar hoton abinci da ƙaramar waya, da hasken safiya kawai. Kafin ka shiga cikinsa, ɗauko tallanka na jiya ka ƙirga tambayoyin da mai saye zai yi maka bayan ya karanta.